Kuɗin juyawa: lissafin da ake yi kafin a buɗe shago

Yau zancen namu a kan makiyayin da ya sayar da bijimai biyu ne don ya buɗe wa ɗansa shagon tireda a garin bakin iyaka. Mu ce ya kama sefa 600,000. Ina kuɗin za su shiga?

Kashi na farko yana tafiya a abin da ba ya dawowa da wuri: hayar shekara, kanta, ƙofar ƙarfe, sikeli. Mu ce 250,000. Ragowar 350,000 su ne kuɗin juyawa, wato waɗanda za su zama kaya, kayan su zama kuɗi, a sake komawa sari. To, sun isa? Ga yadda ake ganewa.

A ce kowace rana yaron yana sayar da kayan da ya saro a kan 20,000. Yana zuwa sari Maraɗi sau ɗaya a mako, kwana bakwai ke nan. A ƙara kwana uku saboda mota kan lalace, hanya kan tsaya. Wanda ya ga rufe iyaka na 2023 ba sai an yi masa bayani ba. Kayan kwana goma ke nan, 200,000.

Sai bashi, kuma nan ne ake faɗuwa. Shagon da makiyaya ke ciniki ba ya rabuwa da "rubuta, sai na sayar da akuya". Idan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin bashi ne, kayan 5,000 ke fita kullum ba kuɗi. In sai bayan kwana ashirin ake biya, to a kowane lokaci 100,000 na shagon suna rugage. Ba ɓata suka yi ba, amma ba ka zuwa sari da littafin bashi. A ajiye kuma 50,000 a hannu na kuɗin mota, dako da abin da ya taso. Jimla 350,000, cif da abin da ya rage. In babban ɗan kasuwa ya yarda ya riƙa ba shi kayan 60,000 zuwa mako, nauyin ya sauko 290,000. Sai dai sabon shiga ba kasafai ake yi masa haka ba, kada a sa shi a lissafin farko.

Yanzu a ce yaron ya ga firji ya ƙyasa, ya cire 150,000. Ranar buɗewa kanta cike take, kowa na barka. Ƙarshen mako ya sayar da kayan 140,000, amma 35,000 bashi ne. Uwar kuɗin da ta dawo hannu 105,000 ce, 'yar ribar kuma ta tafi a mota da cefane. Zai saro ƙasa da abin da ya sayar. Mako na biyu haka. Ciniki na tafiya, kanta na ramewa, mahaifin kuma ya fara zargin ana ci masa dukiya. Alhali ba wanda ya ɗauki ko dala.

Abu na biyu shi ne saurin juyawar kaya. Ka zuba 100,000 a sukari, ganyen shayi, sabulu da man girki. Ribarsu ƙarama ce, mu ce biyar cikin ɗari, amma suna ƙarewa a kwana goma. Sau uku a wata, 15,000 ke nan. Ka zuba wasu 100,000 a atamfa, riba ashirin da biyar cikin ɗari, amma sai wata uku ta ƙare. Ka raba 25,000 gida uku, ba ta kai 8,500 a wata ba. Ni dai da jarina ƙarami ne, atamfar nan sai gab da salla.

Gwajin ba wuya. Ƙidaya abin da ke kanta na kowane irin kaya, ka raba da abin da ke fita kullum. Katan shida na sabulu, katan ɗaya na ƙarewa a kwana biyar, ka tara na wata guda, alhali duk mako kana Maraɗi. Katan biyu sun ishe ka, kuɗin huɗun su koma sukari. Wanda bai iya rubutu ba ya sa alamar gawayi a jikin katan duk ranar kasuwa. In alama ta kai huɗu ba a buɗe shi ba, a karya farashi a fitar da shi.

A kula da lokaci ma. Dusa da ƙwalama ta dabbobi irin kanwa suna gudu da rani, amma da ruwa ya sauka garke ya yi arewa, buhun dusa sai ya zauna yana jan danshi. Tun kafin damina ake rage sarinta, a kuma karɓo bashi kafin masu shi su tashi.

Mai saro kaya da sefa yana sayarwa da naira kuwa, kada ya yanka farashi da canjin ranar da ya saro. Ya tambayi 'yan canji na yau, ya lissafa nawa zai biya ya mayar da wannan buhun gurbinsa, kuma ya canja nairar kafin ta yi mako a aljihunsa.