Jarrabawa Ɗaya, Takarda Biyu

Yau maganarmu a kan ajin da ɗalibai uku ke zama benci ɗaya ranar jarrabawa. Don hana leƙe, malami kan shirya takarda iri biyu, ya raba su tsallake-tsallake. Dabarar ta yi, amma da sharaɗi: nauyinsu ya zama ɗaya.

Ku saurari misali. Takardar farko ta ce a raba 84 gida 4. Kowace lamba tana rabuwa daidai. Ta biyu ta ce a raba 84 gida 6. Nan sai yaro ya riƙe saura ya kai gaba, aikinsa ya fi na maƙwabcinsa. Wannan ba adalci ba ne. Abokiyar tambayar farko ita ce 96 gida 3.

Wani zai ce aikin malami ya ninku. Gaskiya ne, domin kowace takarda da jadawalin amsoshinta. To, ko jerin tambayoyin kawai aka sauya, leƙe ya ragu, muddin ba a tara masu wuya a farkon takarda ɗaya ba. Bayan an duba, malam, kwatanta matsakaicin makin ɓangarorin biyu. Idan tazarar ta yi faɗi, fara tuhumar takardarka kafin ka tuhumi yaran.