Ka rufe asusun waya? To, kada ka yi saurin goge manhaja

 Yau maganarmu a kan asusun kuɗi na waya ce, bayan mutum ya riga ya rufe shi. Da yawa sukan danne hoton manhajar, su cire ta daga waya, su ce shi ke nan. To, ba shi ke nan ba. Cire manhaja kamar kwance tanti ne ka tashi: wurin ya zama fili, amma sunanka yana nan a littafin mai unguwa. Hotonka, lambar layinka da takardar shaidarka suna wurin kamfani, ba cikin wayarka kaɗai ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani falke yana kai raguna Jibiya daga Maraɗi. Ya buɗe asusu da layin Najeriya don karɓar naira, daga baya ya bar wannan kasuwa, ya rufe asusun. Me ya kamata ya yi, kuma wane ne farko?

Na farko, ya tabbatar an rufe ɗin da gaske. Ragowar kuɗi ta zama sifili, babu bashin manhaja a kansa, babu ajiyar da ya kulle a wani sashe. Ya nemi saƙon da ke cewa an rufe, ya adana shi. In har ya sa lambar sirri ya ga asusun ya buɗe kamar kullum, to ba a rufe ba, barci kawai yake yi.

Na biyu, tun kafin a taɓa komai ya fitar da tarihin shige da ficen kuɗinsa. A manhajojin Najeriya ana kiransa Statement, a na Faransanci Relevé ko Historique. In manhajar ta daina buɗewa, ya nema a ofishinsu. Ya buga a takarda. Gobe wani zai iya cewa bai karɓi naira 450,000 na raguna biyu ba, kuma ranar nan takarda ce za ta yi magana.

Na uku, ya raba asusun da duk abin da aka ɗaura masa: katin cirar kuɗi na wani banki, shiga da zanen yatsa, da wayar ɗansa ko yaron shagonsa in an taɓa shiga da ita. Sannan ya nemi inda aka rubuta Delete account ko Supprimer le compte. Za a turo lambar tabbatarwa ta layinsa. Shi da kansa zai shigar da ita. Duk wanda ya kira ya ce a karanta masa lambar don ya taimaka a goge, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan kamfani.

Sai a ƙarshe a zo kan waya. A Android a shiga Settings, sai Apps, a zaɓi manhajar, sai Storage, a danna Clear data, ko Effacer les données a wayar Faransanci. Bayan nan a cire ta. A duba hotuna ma, a goge hoton katin shaida da na lambar BVN da aka ɗauka ranar buɗe asusu.

Yanzu ga inda aka fi yin asara: layi. Kada ka jefar da sim kafin ka gama, don ta nan lambar tabbatarwa take zuwa. Kuma layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. A wasu manhajoji, irin su OPay, lambar asusu ita ce lambar waya in an cire sifilin farko. Ke nan in sabon mai layin ya buɗe nasa asusu, dillalin da ke riƙe da tsohuwar lambarka zai tura kuɗinka ga baƙo. Saboda haka ka sanar da abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya, su kuma su karanta sunan da ya fito kafin su tura.

Abu ɗaya da za ku sani: gogewa ba ta share komai nan take. Dokar hana halatta kuɗin haram ta tilasta wa kamfani ajiye bayanan ciniki, aƙalla shekara 5 a Najeriya, shekara 10 a ƙasashen UEMOA kamar Nijar. Wannan ba cuta ba ce. Amma in bayan rufewa saƙon shigar kuɗi ko lambar tabbatarwa da ba ka nema ba suna zuwa, ka tafi ofishinsu da katin shaidarka da saƙon nan da ka adana.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa da garke. Sai mun haɗu a shiri na gaba.