Idan Albashi Ya Zo Kusan Ɗaya: Yadda Ake Auna Takardun Ɗaukar Aiki Biyu



Matashin Tsaskiya da ya gama Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, ya yi sa'a aka miƙo masa takardun ɗaukar aiki biyu, abin da ake fara tambayarsa a gida shi ne nawa za a riƙa ba shi. Tambaya ce mai ma'ana, tunda mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne, kuma kowa ya san inda wannan kuɗi ke kai mai iyali. Amma idan albashin biyu ya zo kusan ɗaya, sai a koma ga abin da ke ƙasan takarda: inshorar lafiya, hutu, fansho, da tallafin ƙaro karatu. Abin da nake son kafawa a wannan lacca shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu ana auna shi ne da ko zai iske ma'aikaci da iyalinsa a inda suke zaune a ranar da buƙata ta taso. Wanda zai iske su ya kan fi 'yar ratar albashi daraja nesa ba kusa ba. Wanda ba zai iske su ba kuwa, a lissafa shi a matsayin sifili, komai kyawun sunansa.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na tsara don sauƙin lissafi, mu ajiye haraji gefe. Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a birnin Katsina, mai ma'aikata goma, ya ce zai biya Naira 105,000 a hannu, ba yanka, ba ƙari. Wata ma'aikata a Dutsin-Ma ta ce Naira 100,000, da inshorar lafiya, da fansho, da hutun kwana 20. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, mai ba da aiki kuma kashi 10, a kan tsagwaron albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kama Naira 80,000, za a yanke masa 6,400, ma'aikatar ta ƙara 8,000. Idan aka cire wata 2,000 ta lafiya, abin da zai shiga aljihunsa 91,600 ne. Kenan ratar da ido ya gani a matsayin 5,000 ta koma 13,400 a wata, wato 160,800 a shekara. Wanda ya tsaya nan zai kama hanyar Katsina. Sai dai idan ya zaɓi Dutsin-Ma, a cikin wannan shekarar, Naira 172,800 sun taru a asusun fansho mai sunansa, kuma 96,000 daga ciki kuɗi ne da ba daga jikinsa suka fito ba. Ranar aikinsa ɗaya ta kai kusan Naira 4,500, don haka kwana 14 na hutu da ya samu a kan shidan da doka ta tilasta sun kai kusan 63,000. Tun kafin a taɓo batun asibiti, lissafin ya zo kan-kan-kan.

Batun asibitin kuwa shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. A Nijeriya, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye. Zazzaɓin cizon sauro na damina gida na iya ɗaukarsa da ɗan abin hannu. Abin da ke karya magidanci shi ne tiyatar haihuwa, ko karaya a kan babur, ko kwanciyar mako biyu da ƙarin jini, domin nan ne ake sayar da tumaki, a taɓa hatsin rumbu, wani lokaci a jinginar da gona. Naira 13,400 a wata ba ta tare wannan, ko da mutum ya iya ajiye ta, kuma kaɗan ne ke iyawa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta mayar da inshorar wajibi, kuma Jihar Katsina na da tata hukumar ta kula da lafiya ta hanyar karo-karo. Don haka mai neman aiki da ya tambayi wane tsari aka sa ma'aikata bai yi rashin kunya ba.

Amma kalmar "inshorar lafiya" kaɗai a takarda ba ta gaya mana komai, sai mun san yadda tsarin ke aiki. Ma'aikaci yana zaɓar asibiti guda a matsayin na farko, inda ake buɗe masa kati. Ana biyan wannan asibiti wani adadi a kan kowane mutum da ke rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, sai su rubuta takardar turawa, a nemi lambar izini daga masu kula da inshorar, sannan babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya karɓe shi a kan tsarin. To idan jerin asibitocin da kamfanin inshorar ke hulɗa da su duk a Katsina ko Kano suke, matar ma'aikaci kuma tana Tsaskiya, naƙuda ta taso da dare a kan hanyoyin da duk wanda ke ɗakin nan ya san halinsu bayan faɗuwar rana, katin da ke aljihun mijinta bai yi mata komai ba. Shi ya sa tambaya ta farko ita ce a nuna masa jerin asibitocin, ya duba ko akwai na Dutsin-Ma ko Safana ko Batsari, kuma ko za a yarda iyali su yi rajista a wani asibiti daban da nasa. Ta biyu ita ce su wa aka rufe. Tsarin ma'aikata na ƙasa ya tanadi ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mata ta biyu, da ɗa na biyar, da mahaifiya, da ɗan riƙo, sai an biya musu daban, kuma a gidajenmu waɗannan ba 'yan kaɗan ba ne. Akwai kuma lokacin jira tsakanin rajista da ranar da kati zai fara aiki, ga wasu ma'aikatun da ba sa saka mutum sai ya gama watannin gwaji.

Na san abin da wasu za su ce: an je da kati an dawo da takardar sayen magani a kemis. Gaskiya ne hakan na faruwa, kuma dalilinsa sananne ne. Idan ma'aikata ta yanki kuɗi ba ta tura ba, ko kamfanin inshora ya jinkirta biyan asibiti, asibitin ya kan ce magani ya ƙare. A ƙa'ida kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani ne kawai mai kati ke biya a tsarin ƙasa. Hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. A sami ma'aikaci biyu ko uku na wurin, musamman wanda matarsa ta haihu kwanan nan, a tambaye shi nawa ya cire daga aljihunsa. Idan amsar ta nuna katin ado ne, a soke shi daga lissafi, a nan kuwa mai 105,000 na iya rinjaye, kuma ba zan yi musu ba.

Wasu kuma za su ce tsadar kaya ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, don haka kuɗin da aka kulle har tsufa ƙaiƙayi zai koma, gara a sayi tunkiya yau. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan kashi 8 na ma'aikaci. A kan kashi 10 na mai ba da aiki ba ta da shi, domin wanda ya ƙi tsarin ba a miƙa masa wannan kuɗi ya sayi tunkiyar, rasa shi yake yi gaba ɗaya. Dokar fansho ta kuma ba wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba damar cire kashi 25 na abin da ya tara, ta kuma wajabta wa mai ba da aiki inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, wadda magada ke karɓa. Mai gudun kuɗin ruwa na iya neman a mayar da shi asusu na shida, wanda hukumar fansho ta ware don jarin da ba ruwa a ciki. Abin sa ido shi ne saƙon da ke nuna kuɗin sun shiga asusu, domin yanka a takardar albashi ba shaidar turawa ba ce.

Hutu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Dokar ƙwadago ta ce aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, da hutun jinya har kwana 12 a shekara da shaidar likita, da mako 12 na haihuwa a kan aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Gwamnatin tarayya na ba ma'aikatanta mata mako 16 da cikakken albashi. Ga budurwa ko amarya da ke auna takardu biyu, bambancin rabin albashi da cikakkensa na wata uku ya kai Naira 150,000 a misalinmu, kusan duk ratar shekarar. Ga mai gona kuwa, adadin kwanaki bai kai lokacinsu muhimmanci ba. Kwana 20 da ba za a bayar ba sai Fabrairu ba su yi shuka ba, ba su yi girbin gero ba, don haka a tambaya ko ana raba hutun, kuma wa ke tsayar da ranarsa. A lura kuma cewa dokar ƙwadagon ba ta rufe masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba. Su abin da ke rubuce a yarjejeniyarsu ne haƙƙinsu, alƙawarin baki na shugaban ma'aikata kuwa yana tafiya da shi ranar da aka sauya shi.

Saura tallafin karatu, wanda shi ne ya fi wuyar sa wa farashi, domin ribarsa a albashin gaba take fitowa. Horo iri biyu ne. Akwai bitar kwana biyu a otal, wadda amfaninta kuɗin zama ne da abincin rana. Akwai kuma wanda ke ƙarewa da shaidar da wata ma'aikata za ta karɓa, kamar mai NCE ya yi digiri, ko ma'aikacin lafiya ya hau mataki na gaba a rajistarsa. Na biyun ne kaɗai ke shiga lissafi. Malaman manyan makarantun gwamnati na da asusun TETFund, kamfanonin da ke zuba kashi 1 na albashin ma'aikatansu a asusun ITF kuma suna iya karɓo wani ɓangare idan sun horar da mutanensu, don haka tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Sai dai tallafin ya kan zo da sharaɗin yi wa ma'aikatar aiki na wasu shekaru bayan dawowa, ko a biya kuɗin idan an tafi. A karanta wannan sakin da kyau kafin sa hannu: shekara nawa ne, ko abin da za a biya yana raguwa da kowace shekarar da aka yi, ko albashi na ci gaba lokacin karatu, da kuma wa ke ɗaukar bashin idan ma'aikatar ce ta sallami mutum. Sannan a nemi sanin mutum nawa aka tura karatu a shekara biyun da suka wuce, kuma ko sun dawo an ƙara musu matsayi.