Alfa mai yawa ba shaidar gaskiya ba ce

Mai binciken ƙarancin abinci a ƙauyukan Dogondutse da Tibiri kan yi wa magidanta tambayoyi takwas, sannan ya lissafa alfar Cronbach, awon da ya fito a 1951, don ganin ko amsoshin suna tafiya tare. An saba karɓar 0.70, amma kada lambar ta ruɗe mu. Idan dangantakar tambayoyin 0.3 ce, takwas za su ba da 0.77, goma sha shida kuma 0.87, alhali ba abin da ya inganta sai tsawo. Wani zai ce ai 0.95 ta fi. A'a, sau da yawa maimaici ne: sau uku aka yi tambaya kan rumbun da hatsinsa ya ƙare, da kalmomi daban.