Bashi Tsakanin Abokai: Shin Saƙon Waya Yana Zama Yarjejeniya?

Wannan jawabi ne da wani lauya ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, bayan wani manomi ya yi masa tambaya a kan rancen kuɗi. Ga abin da ya faɗa musu.

Jama'a, amsar a taƙaice ita ce e. Alkawarin da mutum ya rubuta a saƙon waya, kamar na WhatsApp, yana iya ɗaure shi a gaban alƙali. Doka ba ta ce sai an rubuta rancen abokai a takarda mai hatimi ba. Ko da baki aka yi, yarjejeniya ce. Wahalar tana wajen tabbatarwa idan ɗaya ya musa. A nan ne saƙo yake da amfani, amma fa ba kowane saƙo ba.

Ga misali. Wani manomi ya rubuta wa abokinsa mai shago cewa, "Alhaji, taimaka mini da Naira 80,000, zan sayi taki." Mai shago ya tura kuɗin. Manomi ya amsa da cewa, "Na gani, Allah ya saka da alheri." Kaka ta yi, aka sayar da masara, shiru. Da mai shago ya yi tuni, sai manomi ya ce ai shi taimako ya roƙa, kuma ya yi godiya.

To, me alƙali zai gani a waɗannan saƙonni? Zai ga kuɗi sun fita, sun kuma isa. Amma ba zai ga kalmar rance ba, ba zai ga ranar biya ba. Wanda aka yi wa kyauta ma haka yake godiya. Saboda haka sai mai shago ya nemo wata shaida daban.

Da a ce manomin ya rubuta, "Alhaji, ranta mini Naira 80,000, zan biya ka ranar 30 ga Disamba," mai shago ya ce, "Na yarda, ga shi na tura," shi kuma ya amsa, "Na karɓa," da magana ta ƙare. Abubuwa huɗu sun fito fili: yawan kuɗin, cewa rance ne, ranar biya, da yardar kowannensu. Idan aka haɗa da rasit na banki ko na mai POS, musu zai yi wuya.

Wanda ya riga ya yi irin kuskuren mai shago bai rasa dabara ba. Tun ana ga maciji da juna, sai ya rubuta cikin lalama, "Malam, yaushe zan sa ran Naira 80,000 da na ranta maka?" Idan manomi ya amsa, "Yi haƙuri, sai na sayar da wake," to ya amsa bashin da hannunsa. Wannan amsa shaida ce mai ƙarfi.

Saura maganar kai saƙon kotu. Dokar Shaida ta Nijeriya ta shekarar 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya. Amma akwai sharaɗi. Mai ƙara zai kawo bayani, galibi a rubuce da sa hannu, wanda ya faɗi wace waya ce, yadda aka ciro saƙon, da cewa wayar tana aiki lafiya a lokacin. Rashin wannan bayani yakan sa babbar kotu ta ƙi karɓar saƙon. A kotun shari'ar Musulunci kuwa, alƙali yakan fara da tambayar wanda ake ƙara ko ya amsa. Idan ya musa, sai a nemi shaidu ko rantsuwa.

Abu biyu sukan ɓata wa mai gaskiya shari'a. Na farko, abokin ya ce ba shi ya rubuta ba, ɗansa ne ke riƙe da wayar. Maganin wannan shi ne a sa shi ya maimaita alkawarin da muryarsa a saƙon murya. Na biyu, saƙo ya ɓace, ko an goge shi ko waya ta faɗa ruwa. Don haka a ɗauki hoton hirar duka, tare da lambar waya da kwanan wata, a tura wa wani amintacce. Kada a goge na asali, domin hoto kaɗai ana iya cewa an yi masa gyara.

Daga ƙarshe, idan kuɗin suna da yawa, kada a tsaya ga saƙo. A rubuta a takarda, a sa hannu gaban shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Yanzu da kuka iya rubutu, layi uku sun isa.