Rilaksa, Man Shanu Da Gashin Doki: Jawabi Ga Matan Ajin Yaƙi Da Jahilci Na Boɗinga Da Shagari



Yawancin rilaksa soda ce a cikinta, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Ita ke kwantar da gashi, ita ce kuma ke ƙona fatar kai. Kada ki yarda da mai ce miki zafin nan alamar aiki ne. Ƙuna ce! Da kin ji zafi, wanke da ruwa mai yawa. In kin sosa kai, ko akwai ƙuraje ko makero, kada ki shafa ta.

Man shanu da man kaɗe ba su ƙona fata, laushi suke sa wa. Sai dai ba su maganin amosani, in ma suka taru ba wanki, ƙaiƙayi ke ƙaruwa.

Gashin doki kuwa, galibi zaren roba ne. Ga abin da ake yi lokacin buki: a shafa rilaksa ran Laraba, a ɗaure kitso tamau ran Alhamis. Gashin ya riga ya yi rauni, nauyi kuma ya ja shi, sai na goshi ya zube. Ki bari sai bayan mako 2, kuma in kitso ya hana ki barci, a kwance shi.