Daga Hoton Kamara Zuwa Alƙalumma: Lissafin Dabbobin Yankari



A daji mai faɗin Yankari, murabba'in kilomita 2,244, ba wanda zai bi gwanki ko ɓauna ya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Shi ya sa ake ɗaure kamara a jikin bishiya, wadda ke ɗaukar hoto da kanta da zarar wani abu mai ɗumin jiki ya gifta. Daga hotunan ake fitar da RAI, ma'aunin yadda dabba ke yawan bayyana. Lissafinsa gajere ne:

```
RAI = (events / camera_days) * 100
```

Wato a raba yawan bayyana da kwanakin da kamarori suka yi aiki, a ninka da 100. Rabawar ba ta da wuya. Lambobin nan biyu ne ba a samun su da arha.

Kafin komai a duba agogo. Kowane hoto na ɗauke da lokacinsa a `DateTimeOriginal`, amma idan batir ya mutu, wasu kamarorin sukan koma kwanan watan da aka ƙero su da shi. Alamarsa ita ce hoton da shekararsa ta girmi aikin, ko hoton rana tsaka da agogo ke cewa ƙarfe biyun dare ne. Maganinsa a daji yake: duk wanda ya ɗaura kamara ya tsaya gabanta da allo mai kwanan wata da lokaci, don a samu abin gyara. Sannan a ware hotunan da iska ta kaɗa ciyawa aka ɗauka, da na masu gadin daji, da na shanu. A ware su kawai, kada a goge.

Yanzu lambar sama. Hoto ba bayyana ba ne. Garken ɓauna na iya yada zango gaban kamara ya cika ta da hotuna. Ƙa'idar da aka fi bi ta fito ne daga aikin O'Brien da abokansa a Sumatra a 2003: hotunan dabba iri ɗaya a kamara ɗaya ba sa zama sabuwar bayyana sai an samu tazarar minti 30. To, minti 30 daga ina? Mu ɗauka garken ya tsaya daga 2:00 zuwa 3:20, ana ɗaukarsa duk minti goma. Idan daga hoton baya ake auna tazara, bayyana ɗaya ce, domin ba a taɓa yin shiru na rabin sa'a ba. Idan kuwa daga bayyanar da aka ƙirga ta ƙarshe ake aunawa, uku ne. Garke ɗaya, amsa biyu. A manhajar camtrapR zaɓin yana cikin `deltaTimeComparedTo`, ko dai `"lastRecord"` ko `"lastIndependentRecord"`. Ni na fi son na farko ga dabbobin da ke kwanciya a wuri, amma duk wanda mutum ya zaɓa, ya rubuta a rahotonsa.

Lambar ƙasa ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ga misali na lissafi: kamara 20, kwana 60, a takarda 1,200 ke nan. Amma gobarar daji ta cinye biyu bayan kwana 20, an rasa 80. Uku batirinsu ya ƙare bayan kwana 40, an rasa 60. Biyu giwa ta ture su suka kalli ƙasa bayan kwana 30, wasu 60 sun tafi, duk da cewa ba su daina ɗauka ba. Abin da ya rage 1,000. Da bayyanar gwanki 48, wanda ya raba da 1,200 zai samu 4.0, wanda ya raba da 1,000 zai samu 4.8. Idan bara an samu 4.7, na farko zai kai wa hukuma labarin gwanki ya ragu, alhali kamarorinsa ne suka kwanta. Ranar da kamara ta daina aiki, idan ba a san ta ba, ana ɗaukar ranar hotonta na ƙarshe mai kyau.

Ko an tsabtace komai, akwai iyaka. Da rani dabbobin Yankari sukan taru a bakin kogin Gaji, saboda haka kamarar da ke can za ta ba da RAI mai yawa ba tare da an haifi ko ɗan maraƙi ɗaya ba. Da damina kuma su bazu, ciyawa ta yi tsawo ta rufe idon kamara. Giwa na tayar da na'urar daga nesa, gada kuwa sai ta matso. Zaki da kura na son bin hanyar mota, kamarar bakin hanya sai ta fifita su. Don haka idan giwa ta fi gada RAI, kada a ce ta fi ta yawa. Kwatancen da zan amince da shi shi ne gwanki da gwanki: wurare guda, watanni guda, irin kamara guda, tsayin ɗauri guda, bana da bara. Kuma a fitar da RAI na kowace kamara daban, domin idan 40 daga cikin 48 ɗin nan daga mashaya ɗaya suka fito, mashayar aka auna.